Da hotunan kayana aka damfari wata baiwar Allah kuɗin lefen ɗanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Kano ce, sana'ata sayar da atamfa da leshi da shadda da mayafai ta onlayin, yayana ne yake da shago a Kantin Kwari, ni kuma nake ɗaukar hoto da bidiyo in ɗora a Instagram da sitatus na WhatsApp, in an yi oda mu haɗa kaya mu kai tasha a yi webil. Da wannan sana'ar nake taimaka wa maigidana da kuɗin makarantar yara, kuma Alhamdulillah ta rufa min asiri. Abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan dogon bayanin shi ne wani abu da ya same mu a 2023 wanda har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ina ganin har yanzu mutane na faɗawa irin sa kullum, musamman iyayenmu mata masu haɗa lefe da kayan ɗaki.

Kun dai tuna farkon shekarar 2023 lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuya, kowa ya koma taransifa har wanda bai taɓa yi ba, tsofaffi ma jikoki suka buɗe musu asusu a waya. To mu masu sayarwa ta onlayin kasuwa ta buɗe mana, amma su ma 'yan damfara kasuwarsu ta buɗe. Bayan ƙaramar sallah ne yayana ya kira ni ya ce in zo shago yanzu yanzu, wai ga wata Hajiya ta zo daga Azare ita da ƙaninta tana cewa mun cinye mata kuɗi. Na je na tarar da mutane sun fara taruwa, dattijuwa ce mai mutunci wallahi, idonta ya yi ja. Na gaishe ta na ce Hajiya lafiya, ta ce "ke ce mai shafin? 'Yar nan ki ji tsoron Allah, kuɗin lefen ɗana ne, adashi na ɗauka." Na ce Hajiya dan Allah ki zauna ki nuna min inda muka yi magana da ke.

Da ta miƙo wayar sai da gabana ya faɗi, domin shafina nake gani sak. Hotunana ne, bidiyona ne da muryata a ciki ina cewa ga sabon kaya ya sauka, tambarin da na biya aka zana min, har adireshin shagon yayana na Kwari an rubuta a sama. Bambancin kawai a sunan shafin, sun ƙara ɗan layin nan `_` a ƙarshe, sai lambar waya da lambar asusu da ba namu ba. Folowas ɗinsu ma sun fi nawa yawa.

Bari in faɗa muku yadda cinikin ya gudana daki daki, don a nan darasin yake. Talla ta gani wai ana ragi na bayan sallah, leshin da a lokacin mu kanmu a sari ba ma samun sa ƙasa da dubu 45, su sun sa dubu 25, atamfa turmi ita ma kusan rabin kuɗinta. Ta yi magana aka amsa mata da sauri da ladabi, Hajiya kaza Hajiya kaza, Allah ya sanya alheri, Allah ya kai mu bikin, har da saƙon murya na mace da Hausa tsantsa. Ta zaɓi leshi da atamfofi da shadda da mayafai da takalma, lissafi ya tashi dubu 380. Ta ce ko za ta ba da rabi in kaya ya zo ta cika, aka ce mata ai ragin yau zai ƙare ƙarfe 6 kuma akwai wata daga Abuja da take son kalolin nan da ta zaɓa, in ba ta biya duka ba ba za a iya ajiye mata ba. Ta tura. Da za ta tura sunan da ya fito na wani namiji ne daban, ta tambaya, aka ce asusun shago ne yake da matsalar netiwok, wannan na yaron shago ne. Washegari aka turo mata hoton wani buhu ɗaure an rubuta sunanta a jiki da maka, aka ce kuɗin webil dubu 15, a wani asusun kuma daban. Ta tura. Can sai wani ya kira ta wai shi ne direba, wai an tare motarsu a hanya saboda kayan waje ne sai kowa ya ba da dubu 40 a saki kaya, in sun iso za a mayar mata. Wannan ma ta tura, don a lokacin tana ganin in ta ƙi to 395 ɗin da ta riga ta bayar ta tafi. Bayan nan ne suka yi bulokin ɗinta ko'ina. Jimla dubu 435.

Ni abin da nake so a fahimta shi ne Hajiyar nan ba sakarya ba ce, malamar makaranta ce mai ritaya, kuma ta yi bincike iya saninta. Ta duba folowas ta ga da yawa, ta ga sikirinshot na kwastomomi suna godiya, ta ga adireshi a Kwari har ta tambayi wani ɗan uwansu ya ce eh akwai layin nan a kasuwa, sun ma turo mata hoton takardar rajistar CAC. Matsalar ita ce duk waɗannan abubuwan da ta duba abubuwa ne da ake kwafa ko a saya. Folowas sayen su ake yi da kuɗi kaɗan. Saƙonnin godiya nawa ne suka ɗauke, wasu kuma da wayoyi biyu mutum zai zauna ya rubuta wa kansa. Adireshi na gaskiya ne amma ba nasu ba. Takardar ma ta wani kamfani ce aka goge suna aka rubuta wani. Duk abin da mai shafi zai turo miki a matsayin hoto to ba shaida ba ce, shaida ita ce abin da ke da kanki kika je kika binciko.

A nan shagon muka zauna da ƙaninta da wani yaron maƙwabcinmu da ya san waya, muka bi shafin nan, kuma cikin 'yan mintuna komai ya fito fili. A Instagram in kika shiga shafin mutum kika danna ɗigo ukun nan na sama za ki ga About this account, nan yake nuna watan da aka buɗe shafin da ƙasar da yake da kuma ko an taɓa canja masa suna. Nasu an canja suna sau da yawa, ma'ana yau atamfa ake sayarwa, kafin nan wataƙila waya ce ko kayan kicin, in asirinsu ya tonu su goge hotuna su sa sabon suna su ci gaba da folowas ɗin da suke da su. A Facebook kuma Page transparency ake kiran wajen, shi ma yana nuna ranar buɗewa da tsoffin sunaye. Sai muka duba kwanan watan hotunan, hotunan da ni na ɗauki kusan shekara biyu ina ɗorawa ɗaya bayan ɗaya su cikin sati guda suka zuba su gaba ɗaya. Sannan sun rufe komen a duk hotunan, ba wanda zai iya rubuta komai, don kar wanda aka cuta ya zo ya yi ihu a ƙasa. Dan Allah ku riƙe wannan, shafi mai folowas dubu 30 amma hoto ba ya samun layik 20 kuma komen a rufe, akwai magana.

Hoton buhun nan ma da aka turo mata, yaron ya sa shi a Google Lens sai ga irin sa ya fito a wani shafin daban, suna kawai aka sauya. Wannan abu ne mai sauƙi, ki yi sikirinshot na kayan ki sa a ciki, in kika ga hoto ɗaya a shafuka biyar masu lambobi daban daban to sai ki nemo wacece mai shi ta asali. Amma kar a ɗauka duk wanda hotonsa ya fito a wani waje ɓarawo ne, mu ma dillalai muna karɓar hoto daga wajen masu sari mu ɗora, shi ya sa wannan shi kaɗai ba ya yanke hukunci, alama ce dai ta a ƙara bincike.

Yanzu maganar biya kafin a turo kaya, a nan nake so in yi adalci don ni ma haka nake yi. Mafi yawanmu masu gaskiya ba ma sakin kaya sai mun ga alat, saboda mun sha tura kaya Sakkwato ko Yola mutum ya kashe waya ko ya ce ya fasa, kuɗin mota zuwa da dawowa ya hau kanmu. Don haka cewa a fara biya ba shi ne alamar damfara ba. Alamar tana wajen yadda mai kayan yake amsawa in kika nemi tabbaci. Ni in kika ce Anti ina so in ga kayan ta bidiyo kol, daɗi ma nake ji, zan kira ki in buɗe turmin a gabanki in juya miki shi ki ga bakin zanen da tambarin, in nuna miki shagon da mutanen da ke wucewa. Ɗan damfara ba shi da kayan, hoto kawai gare shi, don haka dole ya kawo uzuri, kamara ta lalace, ina asibiti, maigidana ya hana ni bidiyo, netiwok ba kyau. Ita Hajiya ta nema, aka ce mata mai shagon matar aure ce ba ta bidiyo da baƙi, ita kuma ta ga ai wannan kamun kai ne. To ko ba ta nuna fuska ba ai tana iya juya kamara ta nuna kaya. Kuma wasu sun waye, sukan turo tsohon bidiyo su ce yanzu aka ɗauka, don haka ki ce a rubuta sunanki da kwanan watan yau a takarda a ɗora a kan kayan da kika zaɓa, ko kina kan kira ki ce ɗaga min wancan koren na ƙasa. Wanda ba shi da kaya a hannu ba zai iya ba.

Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne aika mutum. Kusan duk Bahaushe yana da wani a Kano, ɗan uwa ko ɗalibi ko direban garinku da yake lodi a Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa. In an ce shago yana Kwari ko Sabon Gari ko Wambai, ko waya ce a Farm Centre, ki tura shi ya je ya tsaya a ƙofar shagon, kuma ba ganin shago kawai ba, ya nuna wa mai shagon lambar wayar da lambar asusun ya ce wannan naku ne? Da ɗan uwan Hajiya ya yi wannan tambayar guda ɗaya da yayana ya ce masa a'a nan take. In kaya masu yawa ne kamar lefe, ki tura wa naki mutumin kuɗin, shi ya biya a shago ya ɗauki kaya ya kai tasha da kansa. Ko kin ba shi dubu 5 ta wahala ai ba ta kai asarar dubu 435 ba.

Sai sunan asusu, wannan shi ne ƙofa ta ƙarshe kafin kuɗi ya fita. In kika sa lambobi 10 ɗin nan kika zaɓi banki, suna yana fitowa kafin ki sa fin, to ki tsaya ki karanta shi. In ba sunan kasuwancin ba ne kuma ba sunan wadda kika san ita ce mai shi ba, ki dakata. In kuma kuɗin kaya asusu ɗaya, kuɗin webil wani asusun, na direba wani, duk sunaye daban, to wallahi ki gudu. Da yawa waɗannan asusun ba ma na ɓarayin ba ne, yara suke samu ko mutanen ƙauye su ba su ɗan wani abu su karɓi BVN da NIN ɗinsu su buɗe, ko su yi hayar asusun, kuɗi na shiga a watsa shi wasu wuraren ko a cire wajen masu POS. Shi ya sa ko an bi sawu sai a kamo wani yaro da bai ma san fuskar wanda ya sa shi ba. Ku ja wa 'ya'yanku kunne a kan ba da asusu aro, don shi za a fara kamawa.

Ita kuma takardar CAC kar ki tsaya a hoto, hukumar tana da wajen bincike a shafinta kyauta, ki rubuta sunan kasuwancin ko lambar RC ko BN da ke jikin takardar ki ga sunan da zai fito. Tasu da muka sa, wani kamfani ne daban ya fito wanda ba ruwansa da tufafi. Amma ko ta fito daidai ba shikenan ba, don ɓarawo yana iya ɗaukar sunan kamfani na gaskiya ya ɗora a shafinsa, abin da zai haɗa su shi ne asusun da za ki tura wa ya kasance da wannan sunan. Kuma akwai mata da yawa masu gaskiya da suke sana'a daga ɗaki ba su da rajista sam, rashin ta ba laifi ba ne, su sai a bi ta bidiyo kol da aika mutum da tambayar wanda ya taɓa saya a hannunsu wanda ke kika sani, ba wanda su suka ba ki lambarsa ba.

Farashi kuwa ni a matsayina ta 'yar kasuwa ina gaya muku ribar turmin atamfa ba ta da yawa, wani lokacin dubu ɗaya ko biyu muke ɗorawa. Ba yadda za a yi mutum ya sayar da rabin kuɗin sari ya ce ragi ne, daga ina ya samo? Hausawa suka ce araha ba ta ado. Kafin ki biya ki tambayi mutum biyu ko uku farashin abu ɗaya, in kowa yana wajen 45 zuwa 50 shi kaɗai yana 25 ga kuma gaggawa wai yau za a rufe, to gaggawar an sa ta ne don kar ki samu lokacin yin shawara da kowa. Haka kuma duk kuɗin da ya taso bayan kin gama biya, na kwastan, na inshora, na sakin kaya, wai za a mayar miki, kar ki ƙara ko kwabo. Kayan da aka ɗauka daga Kano zuwa Azare kuɗin mota ne kawai a kansa, kuma a al'adar tasha ana ba ki lambar direba da lambar mota, sau da yawa ma sai kaya ya iso kike biyan direba.

Akwai wani salon kuma da ya samu wata abokiyar sana'ata, ita ba shafi aka kwafa ba, WhatsApp ɗinta aka ƙwace. Kira aka yi wai za a sa ta a wani guruf na tallafin 'yan kasuwa ta karanto lambobi 6 da aka turo mata, tana faɗa suka shige, suka ɗora sitatus na ragi da sabon asusu, kwastomominta na shekaru suka dinga turawa don lambarta ce da hotonta. Don haka ko wadda kika saba saya a wajenta ce, ranar da ta ce asusu ya canja ki kira ta kira na layi ki ji muryarta. Mu kuma masu sayarwa kowa ya kunna Two-step verification.

Ranar nan muka raka Hajiya banki da ƙaninta. Abin da muka koya shi ne taransifa tsakanin bankuna nan take take shiga, ba a danna wani abu a dawo da ita, abin da ake iya yi shi ne bankinki ya sanar da bankin da kuɗin ya shiga a toshe asusun kafin a kwashe, kuma wannan maganar mintuna ce ko awanni, ba kwanaki ba. Don haka in ya faru kar ki zauna kina roƙon su ko kina musu Allah ya isa a waya, ki kira bankinki a take ki ce damfara ce, ki ba su risit ɗin da Session ID da ke jikinsa, ki adana duk hirar da lambobin da hoton shafin kafin su goge. Sannan a kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC, don yawanci ko an toshe kuɗin sai da umarnin kotu ake mayarwa. In kin kai wa banki ƙorafi sati 2 ba a yi komai ba, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a CBN da ake kai ƙara gaba. Kuma a kula, bayan an cuci mutum wasu kan biyo shi a komen ko inbos wai su ƙwararru ne za su dawo masa da kuɗinsa in ya biya kaza, wannan damfara ce ta biyu.

Ita Hajiya lokacin da ta zo an riga an yi kwanaki, asusun duka uku ba komai a ciki, ba ta samu ko sisi ba. Ta ba mu haƙuri a kan abin da ta faɗa a gaban mutane, na ce Hajiya ba komai wallahi ko ni ce haka zan yi. Yayana ya haɗa mata abin da ya sawwaƙa a farashin sari ta biya a hankali, aka rage yawan akwatunan aka yi biki. Daga baya wasu mutum biyu ma sun neme mu da irin wannan kukan, ɗaya daga Maraɗi, ita ta hannun ɗan canji ta tura nata.

Shafin mun sa kwastomomi da 'yan uwa sun yi ta kai rahotonsa har ya ɓace, amma ban da tabbacin ba su buɗe wani ba, don abu ne na minti kaɗan a wajensu. Ni dai tun daga nan na buɗe asusu da sunan kasuwancina shi kaɗai nake karɓar kuɗi da shi, ina rubuta lambar wayata a tsakiyar kowane hoto da bidiyo inda ba za a iya yanke ta ba, lokaci lokaci kuma ina rubuta sunan shafina a wajen bincike in ga ko wani mai kama da shi ya ɓullo. Duk sabuwar kwastoma da odarta ta wuce dubu 50 ni nake fara kiran ta bidiyo daga cikin shago tun kafin ta tambaya, in kuma tana da wani a Kano in ce ta turo shi ya gani da idonsa sannan ta biya.